Yadda ake rubuta saƙon ban gajiya bayan taro, wanda aka gina a kan hira guda

Duk wanda ya saba zuwa tarurruka ya san yadda ake rabuwa. Ranar ƙarshe, a bakin ƙofar zaure, kowa na miƙa kati, kowa na cewa “sai mun yi waya”. Bayan mako biyu katunan suna aljihun babbar riga, ita kuma rigar tana wurin mai wanki.

Ni sakataren wata ƙungiyar manoman zoɓo da riɗi ne a Jigawa, kuma na daɗe ni ake turawa taro, yau Kano, gobe Kaduna, jibi Abuja. Abin da na fahimta bayan na yi asarar katuna masu yawa shi ne: mutumin da ya gaisa da mutum hamsin cikin kwana biyu ba zai riƙe sunanka ba, da ƙyar ma ya riƙe fuskarka, amma ba ya manta maganar da ta fito daga bakinsa shi kansa. To a kan wannan maganar ake ɗora saƙon. Ban gajiya ce irin wadda muka gada, sai dai wannan gaisuwa ce da roƙon iri, kuma dole irin da za ka roƙa ya zama ɗan kaɗan.

Zan bi da kai ta kan wani saƙo da na taɓa aika wa wata Hajiya mai kamfanin fitar da zoɓo ƙasashen waje. Mun haɗu a wani taron kwana biyu kan fitar da amfanin gona a Abuja, hirarmu ba ta kai minti goma ba.

Abin da za ka tanada

Biro da ɗan ƙaramin littafi mai shiga aljihu. Katin mutumin, ko lambarsa da ka karɓa daga bakinsa. Jadawalin taron da aka raba, kada ka yar da shi, don a ciki za ka ga yadda ake rubuta sunan mutum da muƙaminsa daidai, da sunan zaman da kuka haɗu. Waya mai data, da WhatsApp ɗin da ke ɗauke da sunanka na gaskiya da hoton da za a gane ka. In hoton da ke kai na ɗanka ne ko na wani ɗan ƙwallo, sauya shi na ɗan lokaci. Sai adireshin imel mai sunanka, ba wanda ka buɗe kana sakandare da laƙabin da abokai ke kiran ka ba. Na ƙarshe, abin da ka yi alkawarin turawa, hoto ne, takarda ce ko lambar wani.

In babu littafi, bayan katin mutumin ya isa. In katin mai sheƙi ne biro ba ya kamawa, ka ɗauki hotonsa da waya, ka tura wa kanka a WhatsApp, ka bi shi da saƙon murya na rabin minti. In mutumin bai da kati, ka roƙe shi ya buga maka lambarsa da hannunsa, ka kira shi nan take yana tsaye, don lamba ɗaya da ta kuskure ta isa ta raba ku.

1. Rubuta hirar tun kana wurin

Saƙon da za ka aika jibi, a zauren taro ake fara shi. Da kun rabu, ka koma gefe, ka rubuta abu huɗu: inda kuka tsaya, abin da mutumin ya faɗa da kalmominsa, abin da kai ka ce za ka yi, da wani ɗan abu da ya faru a lokacin wanda ku biyu kawai kuka sani.

Ga abin da na rubuta a littafina game da Hajiya, ina tsaye kusa da teburin shayi:

“Hutun shayi, rana ta 2, bayan zaman ingancin kaya. Ta ce an dawo mata da buhu 40 saboda yashi da fumfuna, manoma a ƙasa suke shanya. Na ce mu a tamfol muke. Ta ce: turo min hoto in gani da idona. Madara ta ƙare, baƙin shayi muka sha.”

Lura da cewa ban rubuta “mun tattauna kan ingancin zoɓo” ba. Wannan taƙaitawa ce, kuma taƙaitawa ce ke kashe hira, domin kowa a taron nan ya tattauna kan ingancin zoɓo. Buhu 40 ɗin nan kuwa nata ne ita kaɗai, ita ta ji zafinsu a aljihunta. Haka kalmar “in gani da idona”. Ranar da ta karanta su a wayarta, muryarta za ta ji.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ce zai rubuta da dare a masauki. Na gwada. Kafin dare ka yi hira da mutum goma sha biyu, kuma maganganunsu sun cakuɗe. Na taɓa rubuta wa wani farfesa cewa na ji daɗin bayaninsa kan farashin taki, alhali wani dillali ne ya yi min wannan bayani, shi farfesan maganar iri muka yi. Ya amsa min da ladabi cewa yana jin ba shi nake nufi ba. Daga nan maganar ta mutu, kuma ni na kashe ta.

2. Zaɓi mutum, sannan ka zaɓi magana guda

Ba kowane kati ne ke buƙatar wannan saƙo ba. Ka baza su a kan gado, ka ware waɗanda kuka yi hira ta gaske da su, wato wadda aka bar wani abu a buɗe: tambaya ba a amsa ba, alkawari ba a cika ba, ko matsala da kake da hannun taimako a ciki. Yawanci daga kati ashirin ba ka samun fiye da huɗu ko biyar. Sauran ka adana lambobinsu ka bar su.

Ko da kun taɓo abu biyar da mutum, ɗaya za ka ɗauka. Ni da Hajiya mun yi maganar tsadar motar ɗaukar kaya, mun yi ta yadda ’yan kasuwar Mexico ke sayen zoɓon Najeriya, har na ɗan sako maganar riɗinmu. Amma wurin da ta ajiye kofi ta juyo ta dube ni shi ne maganar shanya. Ka nemi wannan wurin a cikin hirarku, inda mutumin ya ɗaga murya, ko ya yi tsaki, ko ya yi maka tambaya. Kada ka zaɓi wurin da kai ka fi jin daɗin bakinka.

Akwai abin kiyayewa a nan. Wata maganar a tsaye ake faɗinta don ba a son ta a rubuce. In mutum ya rage murya ya ce maka shugabansa ne ke hana ruwa gudu, ko kamfaninsu na cikin bashi, wannan ba ta shiga saƙo. Ba ka san wanda ke riƙe masa waya ba, kuma imel ɗin ofis sau da yawa sakatare ne ke fara buɗewa. Ka ɗauko gefen maganar da ba zai ji kunya ba in wani ya karanta. Ko buhu 40 na Hajiya, da a ce ta faɗa min a asirce ne da ban ambata ba. A gaban mutum uku ta faɗa, shi ya sa na ga babu laifi.

3. WhatsApp ko imel

Ka bi hanyar da mutumin ya nuna maka. In ya ce “ka same ni a WhatsApp”, shi ke nan. In kati kawai ya miƙo, ka duba irin aikinsa. ’Yan kasuwarmu, daga Dawanau har Maigatari, a WhatsApp suke rayuwa, wasunsu suna da imel a kati amma sai a yi wata ba a buɗe ba. Malamin jami’a, ma’aikacin gwamnati, ma’aikacin ƙungiyar agaji ko baƙon da ya zo daga wata ƙasa, imel ya fi dacewa da su, musamman in akwai takardar da za su tura wa wani. Kada ka fara da kira. Kira yana tilasta wa mutum ya tuna da kai cikin daƙiƙa uku yana tsakiyar wani aiki, kuma in ya kasa, kunya za ta sa ya sallame ka da wuri.

Kada kuma ka aika ta hanya biyu a lokaci guda. Ya zama naci tun ba a je ko’ina ba.

Wajen adana lamba, ka sa lambar ƙasa ka cire sifirin farko: +234 ta Najeriya, +233 ta Gana. Ta Nijar +227 ce, lambobinsu takwas ne kuma ba sifirin da ake cirewa. Ka adana sunan tare da taron da abin da kuka yi magana a kai, misali “Hajiya zoɓo taron Abuja”, don bayan wata shida kai ma za ka manta.

In katin ya ɓata, ka duba jadawali ka nemi sunan kamfaninsa, ko ka duba zauren WhatsApp da masu shirya taro suka buɗe, in akwai. Sai dai in a can ka samo lambar, ka faɗa masa a layin farko. Mutane ba sa son su ga baƙuwar lamba ba su san ta inda ta ɓullo ba.

4. Lokaci

Tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu bayan an tashi. Daren da aka rufe taro mutum yana hanya ko yana filin jirgi, saƙonka zai nutse cikin na ’yan gida masu tambayar ya iso lafiya. Bayan mako guda kuma hirar ta fara dusashewa, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Da hantsi ya fi, wajen ƙarfe goma, a ranar aiki. Ka guji tsakar ranar Juma’a, ka guji bayan isha, musamman in mace ce kake rubuta wa kai namiji, ko akasin haka. Saƙon kasuwanci da ya shigo sha ɗayan dare daga baƙon namiji wata fassara ake yi masa, ko da abin da ke ciki tamfol ne da yashi. In da dare kake samun sukunin rubutu, ka rubuta ka ajiye. A Gmail akwai Schedule send kusa da maɓallin turawa, sai ka sa masa ƙarfe goman safe. In mutumin a wata ƙasa yake ka duba agogonsu: Nijar lokacinmu ɗaya, Gana suna bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya suna gabanmu da awa biyu.

In ka riga ka makara, mako biyu ko uku sun wuce, ka aika duk da haka. Layi ɗaya na neman afuwa ya isa, ba sai ka ba da labarin rashin lafiyar da ta tsare ka ba. Sai dai ka ƙara wa tunatarwar ƙarfi, ka ambaci sunan taron da ranar.

5. Haɗa abin da ka yi alkawari kafin ka taɓa rubutu

Saƙon da ya zo da abu a hannu daban yake da wanda ya zo da “zan turo”. Hajiya hoto ta nema, don haka da na sauka gida na kira shugaban ƙungiyarmu, muka zaɓi hotuna uku daga girbin bara: ɗaya zoɓo a baje kan tamfol daga nesa, ana ganin ba ya taɓa ƙasa, ɗaya na kusa a tafin hannu don a ga launi, ɗaya kuma buhuna a jere kan katako a rumbun ajiya. Uku, ba talatin ba. Wanda ya buɗe waya ya ga hoto talatin daga baƙuwar lamba, data ɗinsa zai fara tunawa.

WhatsApp yana rage ingancin hoto. In launi ko tsabtar kaya ake son gani, ka danna HD kafin ka tura, ko ka tura shi a matsayin Document. In takarda ce, ka mai da ita PDF ka ba ta sunan da ke faɗin abin da ke ciki. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a maƙale, in ya fi haka sai ya koma mahaɗin Google Drive, kuma dole ka tabbatar ka buɗe wa mutumin izinin gani.

In abin da ka yi alkawari bai samu ba tukuna, kada ka jira shi har hirar ta huce. Ka aika saƙon, ka faɗi ranar da zai iso, ranar da ka tabbata za ka iya cikawa. In kuma ba ka yi alkawarin komai ba, ka nemi ɗan abin da ya dace da maganarsa, ko lambar wani mai amfani gare shi, bayan ka nemi izinin mai lambar.

6. Rubuta saƙon

Bari in fara nuna maka irin wanda na riƙa aikawa a farko, iri ɗaya ga kowa:

“Assalamu alaikum, barka da warhaka. Ni ne wanda muka haɗu a taro. Na ji daɗin haɗuwa da ku sosai, ina fatan za mu ci gaba da zumunci da hulɗar arziki. Na gode.”

Babu rashin ladabi a ciki, amma babu abin kamawa. Wane taro? Wane ne kai cikin hamsin? Me ake so in yi? Amsar da ya cancanta ita ce “Wa’alaikumus salam, na gode”, kuma ita nake samu, in ma an amsa.

Ga wanda na aika wa Hajiya, ranar Litinin da hantsi, an tashi taro Alhamis:

“Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Ya gajiyar taro, da fatan kin koma gida lafiya.

Ni ne Wane, sakataren ƙungiyar manoman zoɓo daga Jigawa. Mun tsaya a teburin shayi ranar Alhamis bayan zaman ingancin kaya, lokacin da madara ta ƙare muka sha baƙi.

Kin ba ni labarin buhu 40 da aka dawo miki da su saboda yashi da fumfuna, na ce mu a kan tamfol muke shanya, kika ce in turo hoto ki gani da idonki. Ga guda uku daga girbin bara.

In kin ga ya yi, ina neman izini in aiko da samfurin kilo 2 ofishinku ranar Alhamis mai zuwa, yaranki su duba. Wa zan ba?

Allah ya ƙara arziki.”

Yanzu mu warware shi. Gaisuwar layi ɗaya ce, amma tana nan. Mu ba ma faɗa wa babba magana ba sallama, sai dai a rubuce ba a jan gaisuwa kamar a zaure. Babban kuskuren da ake yi a WhatsApp shi ne a tura “Salam” kaɗai a zauna jiran amsa, in an amsa a tura “ya aiki”, a sake jira. Mai harkoki da yawa ba zai bi ka wannan hanya ba. Gaisuwa da magana su tafi a dunƙule, saƙo guda. Ka kira mutum da abin da ka ji ana kiran sa a taron, Alhaji, Hajiya, Malam, Dakta, Farfesa, Injiniya, ko sarautarsa in yana da ita. In sa’anka ne kuma hirar ta yi daɗi, “Malam Wane, ya gajiya” ta wadatar, “ranka ya daɗe” a nan sai ta zama kamar zolaya.

Sakin layi na biyu aikinsa ya mai da ita wurin da kuka tsaya. Suna, daga ina, rana, wuri, sai ɗan abin nan na madara. Wani zai ga kamar wasa ne a saƙon kasuwanci, amma shi ne ya bambanta ni da sauran masu zoɓo da suka ba ta kati. Sharaɗinsa ya zama abin da ba zai kunyata ta ba. Da shayi ne ya zube mata a mayafi, da ban tuna mata ba.

Na uku shi ne zuciyar saƙon: abin da ta ce, abin da na ce, abin da ta nema, ga shi. Ka maimaita maganar mutum yadda ya faɗe ta, kada ka ƙara mata gishiri. Ta ce in turo hoto, ba ta ce za ta saya ba. Da na rubuta “kamar yadda kika nuna sha’awar sayen kayanmu”, da na sa mata magana a baki, kuma ɗan kasuwa yana jin ƙanshin wannan dabara daga nesa. In ba ka tabbata da adadi ko wata kalma ba, ka sassauta: “in ban yi kuskuren ji ba, kin ce buhu 40”. Wannan ma yana ba mutum ƙofar amsawa, don mutane suna son gyara magana.

Sai buƙata, guda ɗaya, ƙarama, mai rana, wadda za a iya amsawa da kalma biyu. Ƙungiyarmu tana son kwangilar shekara, tana son a ba manoma kuɗin tamfol tun kafin girbi, tana son a sayi riɗi ma. Duk ban ambata ba. Hirar minti goma ba ta ɗaukar wannan kaya. Abin da take ɗauka shi ne kilo 2 da tambayar “wa zan ba?”, wadda amsarta sunan yaro ne da lambarsa. Ka gwada buƙatarka da wannan ma’auni: zai iya amsawa yana cikin mota, da babban yatsa ɗaya? In sai ya zauna da akanta ko ya kira taron ofis, ta yi girma. Haka “yaushe za ki samu lokaci?” aiki ce ka ɗora wa mutum. Ka kawo ranar da kanka, shi ya ce e ko ya sauya.

Kada ka roƙi aiki, kuɗi ko alfarmar da ba ta da alaƙa da hirar. Na san halin da ake ciki, amma saƙon farko ba wurinta ba ne.

7. In imel ne, ko wani harshe

Jikin saƙon bai sauya ba, abin da ya ƙaru shi ne layin Subject. A nan ma hirar za ka sa, ba gaisuwa ba: “Hotunan shanyar zoɓo da kika nema, taron Abuja”. A ƙasa ka sa cikakken suna, muƙami da lambar waya. Ka bar Cc fayau. Da zarar ka saka shugabanka ko nasa, hirar mutum biyu ta zama wasiƙar ofis, kuma amsar da za ka samu ta ofis ce.

Harshen da kuka yi hirar da shi, da shi za ka rubuta. In da Hausa kuka yi, kada ka koma Turanci don a ga ka yi boko, kusancin da Hausar ta ba ku za ka zubar. In da Turanci ne kuma naka bai nuna sosai ba, ka rubuta gajerun jimloli ka ba wani ya duba. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun saba rubuta Hausa da salon rubutun Faransanci, wani lokaci karatun junanmu yana yin wuya, haka ma dattijon da ka lura karatun boko ba ya masa sauƙi. Irin waɗannan ka yi musu saƙon murya, amma ka fara rubuta abin da za ka faɗa a takarda, ka karanta, kada ya wuce minti ɗaya. Ka sa layi guda a rubuce a samansa mai sunanka da taron, don ba kowa ke buɗe muryar baƙuwar lamba ba.

8. Duba kafin ka danna

Ka karanta da ƙarfi sau ɗaya. Ka gwada suna da muƙami da abin da ke jadawali. Ka tabbata hoton ko takardar ta maƙale, don “ga shi a haɗe” ba komai a haɗe ya fi kowane kuskure yawa. Sannan ka yi gwajin da na fi yarda da shi: rufe sunan mutumin da yatsa, ka tambayi kanka ko za a iya tura wannan saƙo ga wani daban a taron. In za a iya, ba ka gama ba.

In kuskure ya riga ya fita, WhatsApp yana barin ka gyara rubutu cikin minti 15 ta hanyar Edit. Gara wannan da gogewa, don saƙon da aka goge yana barin tabo mai sa mutum tunanin me aka faɗa. A Gmail, Undo na ’yan daƙiƙu ne, ka shiga Settings ka kai shi 30 tun yau.

9. In shiru ya biyo baya

Shiru ba ƙi ba ne, sau da yawa mutum ya karanta a kan hanya ne ya ce zai amsa, wani abu ya sha gabansa. Kada ka tura alamar tambaya, kada ka rubuta “na ga kin karanta”. Ka ba shi mako guda, sannan ka aika tuni ɗaya, gajere, a ƙarƙashin saƙon farko, kuma ya zo da sabon abu.

Hajiya ba ta amsa ba. Alamar karantawa ta yi shuɗi tun ranar, Alhamis ɗin da na ambata ta zo ta wuce. Ban aika samfurin ba, tunda ba a ba ni izini ba. Ranar Talata ta gaba na rubuta:

“Hajiya, barka da hantsi. Game da samfurin zoɓon nan, motarmu za ta shigo Dawanau ranar Asabar. In akwai wanda zai karɓa a can, sai in haɗo da shi.”

In wannan ma ya tafi a banza, ka tsaya. Na uku ya zama damu. Ka bari sai wani dalili na gaske ya taso, girbi ya zo, ko za a sake wani taron da kake jin zai halarta, sannan ka sake ɗauko hirar daga inda ta tsaya.

10. In an amsa

Ka mayar a ranar, kuma ka yi abin da ka ce a lokacin da ka ce. Hajiya ta amsa tunin da yamma, da saƙon murya na daƙiƙa ashirin. Ta ce ta ga hotunan tun ranar farko, tafiya ce ta taso mata, ta ba ni lambar yaronta a Dawanau, ta ƙara da cewa a zubo samfurin daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba. Na amsa da layi biyu: na ji, daga tsakiya za a ɗebo, zai isa Asabar kafin azahar. Na koma littafina na rubuta a ƙarƙashin bayanin farko ranar da ta amsa, sunan yaron, da maganar tsakiyar buhu, don ita ce zan ɗora saƙo na gaba a kanta.

Ranar Asabar da direba ya miƙa ledar, na sa ya ɗauki hotonta a hannun yaron, na tura mata da kalma huɗu: “Hajiya, saƙo ya isa.”